Takarda Guda, Kibiyoyi da Zuciyar Mai Jego

Ɗaliban aikin jinya suna da wani zane da suke kira taswirar tunani: a rubuta ciwo a tsakiyar takarda, a ja kibiya daga kowane sanadi zuwa alamar da ya haifar, daga alamar kuma zuwa abin da nas za ta yi. A ganina, babu ciwon da zanen nan ya fi yi wa rana kamar gazawar zuciya.

Mu ɗauki misalin mai jego, wata biyu da haihuwa, an kawo ta asibiti tana haki, ƙafafu sun kumbura har zobe ya ƙi fita daga yatsa. Irin wannan raunin zuciya na bayan haihuwa sananne ne a asibitocin Kano, Zariya da Sakkwato. A tsakiyar takarda ɗaliba za ta rubuta cewa ɓangaren hagu na zuciya ya yi rauni, ba ya tura jini yadda ya kamata.

Kibiya ta farko huhu ta nufa. Jinin da zuciya ta kasa turawa yana taruwa a baya, ruwa ya tsattsafo cikin huhu. Shi ya sa matar ba ta iya kwanciya rigingine, sai ta tara matasai uku, cikin dare kuma tari ya tashe ta. Aikin nas a nan a fili yake: ta jinginar da ita a zaune, ta ƙirga numfashi, ta auna iskar da ke cikin jini.

Kibiya ta biyu ce ɗalibai suka fi mantawa, alhali ita ce gindin maganar. Idan jini ya ragu wa ƙoda, sai ta ɗauka jiki ya bushe, ta riƙe gishiri da ruwa. Ruwan ya ƙara wa zuciyar da ta gaji kaya, kibiyar ta zagayo inda ta fito. Daga nan ne awon nauyi ya samo dalilinsa: kowace safiya, bayan fitsari, kafin karin kumallo, a kan sikeli ɗaya. Ƙarin da ya haura kilo 2 cikin kwana 3 ruwa ne, dole a sanar da likita. Daga nan kuma ake hana kunun kanwa, domin kanwa cike take da sodiyam, sinadarin da ke riƙe ruwa a jiki. Sai an zaunar da uwar miji an yi mata wannan bayanin cikin ladabi, don ita ke dama kunun.

Magani ma da tasa kibiyar. Furosemaid yana fitar da ruwa, amma yana tafiya da fotasiyam. In matar tana shan digoksin, ƙarancin fotasiyam na iya mayar da shi guba: tashin zuciya, amai, bugun zuciya ya rikice. Saboda haka nas ke ƙirga bugun minti ɗaya cif kafin ta ba da ƙwayar. In ya gaza 60, ta dakata ta kira likita.