Cimar mai jego: garin arba'in da ƙungiya za ta iya haɗawa

Ƴan uwa mata, duk mun san yadda gidan haihuwa yake a satin farko. Ga ƙauri, ga yaji, ga kunu kwarya-kwarya, kowa na cewa "ci ki samu nono". To amma da an watse daga suna sai tukunya ta koma yadda take, mai jego ta koma cin abin da kowa ke ci, wani lokacin ma ita ce ta ƙarshe a bakin kwano. Alhali a lokacin ne aikin jikinta yake ƙaruwa.

Jikin mai shayarwa yana fitar da nono wajen kashi uku cikin huɗu na lita kowace rana. Don haka ne ma'aikatan lafiya ke cewa tana bukatar ƙarin kalori kusan 500 a yini bisa abin da ta saba ci. A ma'aunin gida, wannan ƙarin ci biyu ne ƙanana: ɗaya da hantsi, ɗaya da la'asar ko kafin kwanciya. Idan ba ta samu ba, nonon ba ya tsayawa nan take, jiki ne zai riƙa ɗiba daga tsokarta da kitsenta. Shi ya sa za ki ga jinjiri ɓul-ɓul, uwar kuwa ta rame, tana jiri, ba ta iya daka.

Kunu ya fi kunu

Mafi yawan kunun da ake damawa mai jego ruwa ne zalla. Yana cika ciki, yana kashe ƙishi, amma bayan awa ɗaya yunwa ta dawo. Ga gwaji mai sauƙi: ki ɗebo da ludayi ki karkata. In ya zube kamar ruwan tsari, ya yi tsinkakke. Wanda ake so shi ne mai kauri da ke sauka a hankali yana barin shafi a jikin ludayin.

Hatsi kaɗai ma bai wadatar ba. Yana ba da ƙarfi, amma sai ya gamu da wake yake cika abincin gina jiki, gujiya kuma ta kawo maiƙo, wanda ke riƙe ciki ya daɗe.

Yadda ake haɗa garin

Ga ma'aunin da zai kai mace ɗaya kwana 40: hatsi tiya 2, wake rabin tiya, ɓararriyar gujiya rabin tiya. Wadda ta samu waken suya tana iya sa shi a madadin wake.

A surfa hatsin sama-sama, a wanke, a shanya ya bushe ƙarau, sannan a soya shi a busasshen kasko har ya fara ƙamshi. Wake a tsince shi, a soya daban, a ɓarza a sheƙe ɓawon, don ɓawon da rashin dahuwa ne ke kumbura ciki. Gujiya kuwa a zauna a tsince ta da kyau. Duk ƙwayar da ta yi baƙi, ta motse ko ta yi funfuna a zubar, domin tana ɗauke da guba mai lahani ga hanta, kuma suya ba ta kashe ta. A soya mai kyan, a murje. Sai a gauraya duka a kai injin niƙa.

Bayan surfe da shiƙa za a tashi da gari wajen kilo 6. Kada a niƙe shi gaba ɗaya. A raba biyu, a niƙa rabi yanzu, rabi bayan kwana 20, saboda man gujiya yana sa gari ya yi ɗoyi da ɗaci a lokacin zafi. A aje shi cikin roba mai marufi, nesa da danshi.

Wajen damu, babban cokali 5 cike da tozo, a kwaɓa da ruwan sanyi, a zuba cikin tafasasshen ruwa kamar rabin lita, a yi ta motsawa a kan wuta minti 10. Wannan kunu sai ya dahu a wuta, ba irin na zuba ruwan zafi a rufe ba ne, saboda waken da ke ciki. A sa tsamiya, sukari kaɗan, da nono in akwai. Sau biyu a yini ya biya ƙarin nan da ake bukata, muddin ba a janye mata tuwonta da furarta ba.

Ƙungiyar da ke da mata 30, in kowace ta kawo gwangwani guda na hatsi a zama ɗaya, asusun taimako ya sayi wake da gujiya da kuɗin niƙa, an gama. A kai wa mai jego washegarin suna, a kuma faɗa wa maigida da uwar miji a fili cewa garin nan nata ne. In aka dama wa gida duka, kwana biyar ba zai kai ba.

Miya da maido jini

Haihuwa tana cin jini, kuma wannan yana cikin abubuwan da ke kawo gajiyar da masu jego ke kuka da ita. Kowace rana a samu ganye a kwano: zogale, rama, tafasa, yakuwa ko kuka. Kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli ko dambu ya dace da cin rana. Sau biyu ko uku a sati a nemi ƙwai, busasshen kifi, fara, awara ko ɗan yankin hanta. Camfin da ke hana mai jego cin ƙwai ba shi da tushe. Lemun tsami ko tumatir a kan abinci yana taimaka wa jiki ya ɗauki sinadarin ƙarfe, shayi kuwa yana tare shi, don haka a bar awa ɗaya ko biyu tsakanin abinci da shayi. Ƙwayoyin ƙarin jini da aka ba ki a asibiti ki ci gaba da sha har su ƙare, ko da bayan gida ya yi baƙi, wannan ba illa ba ce.

Maganar kanwa

Iyayenmu sun yi imani kunun kanwa yana kawo nono. Amma kanwa gishiri ce mai ƙarfi, tana tara ruwa a jiki, tana ɗaga hawan jini. Likitoci a Zariya tun shekarun 1970 sun danganta yawan shanta, tare da tsananin zafin wankan jego, da ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa. Tsamiya ta fi aminci. Mai jegon da ƙafafunta suka kumbura, numfashi ke mata wuya in ta kwanta, ko take tarin dare, a kai ta asibiti ranar, kada a jira arba'in.

Ta yaya za a san nono ya isa?

Abinci yana riƙe uwa, amma tsotso ne ke kawo nono. Duk yadda aka kwashe shi, haka jiki ke ƙara yin wani. A sa jinjiri a mama sau 8 zuwa 12 dare da rana, ya gama da ɗaya kafin a juya shi, don nonon ƙarshe ya fi maiƙo. Har wata 6 ba ya bukatar ruwa, ko a zafin bazara, domin kusan kashi 9 cikin 10 na nono ruwa ne. Uwar ce za ta sha: a aje mata moɗa kusa, duk sa'ad da ta zauna shayarwa ta kurɓa.

Laushin mama ko kukan yamma ba su nuna nono ya gaza. Ki dubi fitsari: daga kwana na biyar, jinjirin da ke ƙoshi yana jiƙa zane sau 6 ko fiye a yini, fitsarin fari, kuma nauyinsa na hawa a wurin awo. In fitsarin ya ragu ya yi ja, ko yaron ya yi lis ba ya kama mama, a tafi wurin ungozomar asibiti ta duba yadda yake kamu, kafin a fara neman jiƙe-jiƙe.

A zama mai zuwa, shugaba ta tambaya: su wa ke kusa da haihuwa a cikinmu? A rubuta watanninsu, a soma tara hatsin tun kaka, lokacin da tiya ke da sauƙi. Allah ya raya mana, ya ba masu jego lafiya.