Wa Za A Tambaya? Yadda Ake Amsa Tambayar Ɗibar Samfur A Jarrabawa

A jarrabawar lissafin ƙididdiga da ta dabarun bincike, a jami'a ko kwalejin ilimi ko kwalejin kiwon lafiya, akwai wata tambaya da ba ta cika ɓacewa daga takarda ba. Za a ba ɗalibi ɗan labari na layi huɗu ko biyar, a ce wani mai bincike yana son sanin abu kaza game da mutane kaza, amma ba zai iya tambayar kowa da kowa ba. Sai a ce wa ɗalibin ya zaɓi hanyar ɗibar samfur da ta fi dacewa, ya kuma kawo hujja. Samfur a nan shi ne 'yan tsirarun mutanen da za a tambaya a madadin jama'ar duka.

Ɗalibai da yawa suna shiga ɗakin jarrabawa da haddar sunayen hanyoyin da ma'anarsu, su fito suna ganin sun ci, sakamako kuma ya zo da maki ɗaya ko biyu. Dalili shi ne sunan hanya ba ya ɗauke da maki mai yawa. Makin yana wajen hujja, hujjar kuma a cikin labarin da aka bayar take. Mai tsara tambaya ba ya sa jimla a banza. In ya ce makaranta tana da rajista, da gangan ya faɗa. In ya ce ƙauyuka suna nesa da juna kuma kuɗin mota kaɗan ne, shi ma da gangan ne.

Bari mu ɗauki tambaya guda mu bi ta daki-daki. A ce wata makarantar sakandare tana da ɗalibai 1,200, daga cikinsu 720 'yan jeka-ka-dawo ne, 480 kuma 'yan kwana. Shugaban makarantar yana son sanin awa nawa ɗalibai suke yi suna bitar karatu bayan an tashi, kuma ɗalibai 120 kawai zai iya tambaya. Sunan kowa yana cikin rajista. Wace hanya ce ta fi dacewa?

Abu na farko da za a duba shi ne rajistar. Tunda akwai cikakken jerin sunaye, ana iya ba kowane ɗalibi lamba daga 1 zuwa 1,200, a jefa ƙuri'a ko a sa kwamfuta ta fitar da lambobi 120. Wannan ita ce ƙuri'a zalla, wadda ɗalibai suke kira randam. Ba ta da son kai, domin kowa yana da dama daidai da ta ɗan uwansa. Nan ne yawancin ɗalibai suke tsayawa, su rubuta sunanta su wuce. Ba su yi kuskure ƙwarai ba, amma sun bar jimla guda ba su yi amfani da ita ba, wato wadda ta raba ɗalibai gida biyu.

Me ya sa aka ambaci 'yan kwana da 'yan jeka-ka-dawo? Saboda abin da ake auna, wato lokacin bita, ya dogara da wannan bambanci. Ɗan kwana yana da lokacin karatun dare da makaranta ta tilasta masa. Ɗan jeka-ka-dawo kuwa yana komawa gida, inda aike da ɗibar ruwa da tsaron shago da makarantar Islamiyya suke jiransa. Idan ƙuri'a ta faɗa ta kwaso 'yan kwana 60 a cikin 120, abin da zai iya faruwa, adadin awannin da za a samu zai haura gaskiya. Maganin wannan shi ne a raba ɗaliban kashi biyu tun farko, sannan a jefa ƙuri'a a cikin kowane kashi daban. Lissafin ba shi da wuya: 120 kashi ɗaya ne cikin goma na 1,200, don haka za a ɗebi ɗaya cikin goma daga kowane ɓangare, 72 daga 'yan jeka-ka-dawo, 48 daga 'yan kwana. Wannan ita ce ɗibar kashi-kashi.

Yanzu a kwatanta amsoshi biyu. Ɗalibi na farko ya rubuta: “Zan yi ɗibar kashi-kashi domin ita ce ta fi wakiltar jama'a kuma tana rage son kai.” Wannan jimla za ta hau kan kowace tambaya a duniya, shi ya sa mai duba takarda ba zai ba ta wani abin kirki ba. Na biyu ya rubuta: “Zan yi ɗibar kashi-kashi, domin lokacin bita ya bambanta tsakanin 'yan kwana da 'yan jeka-ka-dawo, kuma rajista ta nuna ɓangaren kowane ɗalibi. Zan ɗebi 72 da 48 ta hanyar ƙuri'a a cikin kowane ɓangare. Ƙuri'a zalla tana iya cika samfurin da ɓangare ɗaya.” Jimla uku ne kacal, amma ya faɗi hanya, ya ɗaure ta da labarin, ya nuna yadda za a yi, ya kuma faɗi abin da ya sa ya bar wata.

Akwai wani wuri da ake zamewa a nan. In ɗalibi ya ce zai je ya tsaya a bakin ƙofa ya tambayi 'yan kwana 48 da 'yan jeka-ka-dawo 72 na farko da ya gamu da su, to ya bar ɗibar kashi-kashi ya koma cika kwota. Adadin iri ɗaya ne, amma babu ƙuri'a, kuma waɗanda suke sammakon zuwa makaranta mai yiwuwa su ne masu himmar karatu. Don haka maganar ƙuri'a a cikin kowane kashi dole ta fito a rubuce.

A ganina babu inda ake asarar maki kamar wajen bambance kashi-kashi da ɗibar gungu, wadda ake ce wa kulasta, domin duka biyun suna farawa da raba mutane rukuni-rukuni. Mu sauya labarin. A ce jami'ar lafiya a wata ƙaramar hukuma mai ƙauyuka 200 tana son sanin yawan yara 'yan wata 12 zuwa 23 da suka kammala allurar rigakafi. Babu jerin sunayen yaran, akwai dai na ƙauyukan. Babur biyu gare ta da mako biyu.

Ƙuri'a zalla ta mutu tun daga jimla ta biyu, domin ba a jefa ƙuri'a a kan sunayen da babu su. Ko da akwai su ma, yara 200 da ƙuri'a za ta fitar za su watsu a ƙauyuka fiye da ɗari, babur biyu ba za su kai ba. Ɗalibin da ya ce a mai da kowane ƙauye kashi, shi ma ya ɗora wa baiwar Allah shiga ƙauyuka 200 gaba ɗaya, domin sharaɗin kashi-kashi shi ne a ɗiba daga kowane rukuni ba tare da tsallake ko ɗaya ba. Ɗibar gungu kuwa akasin haka take yi. Ana jefa ƙuri'a a kan ƙauyukan kansu, a zaɓi wasu, a bar saura gaba ɗaya, sannan a shiga waɗanda aka zaɓa a nemi yara. A baya, Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana amfani da wani sanannen tsari na irin wannan aiki: gungu 30, yara 7 a kowanne, jimla 210, kuma ƙauye mai yawan jama'a yana samun damar fitowa fiye da ƙarami, gwargwadon yawansa.

To ta yaya ɗalibi zai gane wanne labari ne a gabansa? Ya tambayi kansa ko rukunonin sun bambanta da juna a kan abin da ake auna. 'Yan kwana da 'yan jeka-ka-dawo sun bambanta, shi ya sa ba a iya barin ɗaya. Ƙauyuka kuwa ana ɗaukar su ne a matsayin masu kama da juna, ta yadda talatin za su tsaya wa ɗari biyu, kuma abin da ya kai mu gare su shi ne rashin jerin sunaye da nisa da ƙarancin kuɗi.

Wannan zato na kama da juna shi ne raunin hanyar, kuma amsa mai kyau takan faɗe shi. Yaran ƙauye ɗaya asibiti ɗaya suke zuwa, hanya ɗaya suke bi, maganar mai gari ɗaya iyayensu suke ji. In ƙauyen yana kusa da ɗakin shan magani, galibinsu an yi musu allura, in yana bayan rafi, galibinsu ba a yi ba. Saboda haka yara bakwai daga wuri guda ba su kai shaidu bakwai masu zaman kansu ba. Shi ya sa gara ƙauyuka 30 da yara 7 a kowanne a kan ƙauyuka 7 da yara 30. Jimillar ɗaya ce, amma na farko ya fi kusa da gaskiya.

Manyan bincike ma haɗa hanyoyin suke yi. A binciken yawan jama'a da lafiya na Nijeriya na 2018, wanda Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta gudanar, an raba kowace jiha da Abuja zuwa birni da karkara, aka samu kashi 74. Daga nan aka zaɓi gungu 1,400, aka ɗebi gidaje 30 a kowanne. Ɗalibin da ya ga labari mai birni da karkara a ciki, ga kuma nisa, yana da damar ya ce a fara da kashi-kashi a ƙare da gungu, muddin ya bayyana aikin kowane mataki.

Saura hanya ɗaya da take yawan fitowa, ɗibar tazara. Alamarta a labari ita ce layi: marasa lafiya da ke shigowa asibiti ɗaya bayan ɗaya, ko buhuna da ke fitowa daga inji. In ana sa ran mutum 600 kuma 60 ake so, tazarar goma ce. Sai a jefa ƙuri'a tsakanin 1 da 10 don sanin mafari. In 4 ta fito, za a ɗauki na 4, na 14, na 24, har ƙarshe. Ɗalibai sukan manta da ƙuri'ar mafarin, su fara daga na ɗaya, maki ya tafi. Tarkon da masu tsara tambaya suke ɗanawa kuwa shi ne jerin da yake maimaita kansa. A ce ana son sanin yawan masu zuwa wani asibiti a rana, aka ɗauki littafin shekara, aka ce a duba kowace rana ta bakwai. Duk ranakun da za su fito rana ɗaya ce ta mako. In ta faɗa ranar da kasuwar garin ke ci, lokacin da mutanen ƙauyuka suke haɗa cefane da ganin likita, adadin zai kumbura, in kuma ta faɗa Lahadi zai ragu ƙwarai. Ɗalibin da ya lura da haka zai sauya tazarar zuwa wadda ba bakwai ba kuma ba ninkinta ba, kamar shida ko takwas, ko ya mai da ranakun mako kashi bakwai ya jefa ƙuri'a a cikin kowanne.