Tallar da Ke Faɗo wa Mutum a Fuskar Waya

Mutum na tsakiyar danna lambar da zai kira, sai tallar caca ta rufe fuskar wayar ruf. Ya kore ta, kafin ya gama gaisawa ta dawo. Da yawa daga nan wurin mai gyara suke nufa a yi wa wayar filashin, hotuna da lambobi su salwanta, alhali a wayar Android galibi manhaja ɗaya ce ke wannan ɓarna.

A ɗauki misalin ɗan tireda da yaron shagonsa ya tura masa manhajar da wai take share dattin waya. Bayan 'yan kwanaki talla ta fara fitowa ko bai buɗe komai ba. Dalili kuwa, lokacin saka ta ya danna Allow bai karanta ba, ya ba ta izinin hawa kan sauran manhajoji. Kama ta ba wuya: da tallar ta fito, kada ya rufe, ya danna maɓallin da ke nuna manhajojin da aka buɗe kwanan nan. Sau da yawa sunan mai laifin na nan a saman tallar.

Wasu sun fi haka wayo, sukan ɓoye tambarinsu. Sai a shiga Settings, a nemi Special app access, sannan Display over other apps (wayoyin Samsung Appear on top suke rubutawa). Duk baƙuwar da aka gani a jerin, musamman marar suna ko marar hoto, a kashe izininta a goge ta. In maɓallin Uninstall ya ƙi dannuwa, ta naɗa kanta mai kula da wayar ke nan. A fara tsige ta a Device admin apps.

In tallar ta hana a taɓa komai, akwai Safe mode. A yawancin wayoyi, ana danne Power off da ke kan allo har zaɓin ya bayyana. Wayar za ta tashi ba tare da manhajojin da aka saka daga baya ba, sai a yi gogewar a tsanake.

Tallar da ke zuwa ta Chrome kuwa hanyarta daban. Wani shafin sauke fim ne ya nemi izinin turo sanarwa, aka amsa masa. Alamarta, ana ganin adireshin shafin a jikin sanarwar. A cikin Chrome a buɗe Settings, sai Site settings, sai Notifications, a toshe duk shafin da ba a sani ba, a kuma tabbatar Pop-ups and redirects a kashe yake. Mai cewa waya ta kamu da ƙwayar cuta, a yi maza a sauke magani, ƙarya ce tsagwaronta: shafin intanet ba ya iya bincika cikin waya, kuma maganin da yake tallatawa sau tari shi ke kawo wata tallar.