“Albarka, amma ga gyara”: yadda za ki ƙi yin ragi ba tare da kin kori mai saye ba

Da zarar an kawar da amfanin gona, bukukuwa sun kankama a Batsari da Safana, matan da ke yin dubulan da alkaki da cincin na gara a cikin gida ba su da hutu. A lokacin ne kuma ake yawan jin “haba, a rage mini mana, ai mu na gida ne.” Mai wannan magana sau da yawa ba baƙuwa ba ce. Gwaggon maigida ce, ko maƙwabciyar da kuke adashi tare, don haka kunya sai ta riga lissafi zuwa baki.

To bari mu yi lissafin tun kafin ta yi sallama. A ce an ba ki aikin dubulan 200, kowane a kan N150, jimla N30,000. Fulawa da sukari da mai da itace da ɗan abin da za ki ba yarinyar da ta taya ki murzawa sun cinye N24,000. Ladan zamanki a gaban wuta N6,000 ke nan. Uwar amarya ta taya N25,000. A kunnenta ragin kaɗan ne, kashi ɗaya cikin shida. Amma mai fulawa a kasuwar Batsari ta ranar Alhamis ba zai rage miki ko sisi don ke kin rage ba, kuɗin mota ma tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 bai koma yadda yake ba. Dukan N5,000 ɗin daga ribarki za ta fita, ki tashi da N1,000.

Akwai kuma abin da ya fi wannan ciwo. Farashi ba ya kwana a gidan biki. Kafin a kai amarya, mata goma sun ji cewa wance na yin 200 a N25,000, kuma a kan haka mai zuwa ta gaba za ta fara tayi.

Kasuwarmu ta daɗe da maganin wannan. Idan tayi bai kai ba, “albarka” ake cewa, ba wanda ya ji an wulaƙanta shi. Idan an shirya kuma, sai a yi gyara. Ki haɗa su biyun a numfashi ɗaya: “Albarka, Gwaggo. Wallahi ashirin da biyar ko kayan haɗi da ƙyar ta rufe. A bar shi a talatin ɗin, ni kuma in ɗora guda goma gyara, na ’yata amarya.”

Duba abin da goman nan ta ci miki. Kowane dubulan ya tsaya miki a N120, goma N1,200 ke nan, alhali Gwaggo kayan N1,500 ta gani a fanteka. Ribarki ta sauka zuwa N4,800, ba N1,000 ba, kuma in an tambaye ta nawa aka yi mata, talatin za ta ce.

Wani lokaci da gaske N25,000 ce kawai a hannunta, gyara ba za ta yi mata komai ba. A nan adadi za ki rage, ba farashi ba: kuɗinta zai ba ta 166, sai ki cika mata 170. Ko ki raba mata biya gida biyu, da sharaɗin kafin alƙalamin ya rufe kuɗin kayan haɗi gaba ɗaya, cikon kuma ranar ɗaukar kaya, ba “bayan biki” ba. Bayan biki kowa ya san aljihu a bushe yake. Abin da ban yarda da shi ba shi ne ki amsa ragin da baki sannan ki rama a ɓoye, ki ƙanƙance dubulan ko ki tsuke hannu a sukari. Dangin ango za su ɗanɗana, kuma sunanki za a kira.

Gyara ma tana da tarko. Kada ki fara ambatonta kafin a nemi ragi, in ba haka ba za a karɓe ta a ci gaba da tayi. Ki faɗi adadinta da dalilinta, ki tsaya nan. Ranar da kika ji mai saye ta ce “ina goman da kika saba sakawa?” tun ba a yi ciniki ba, gyara ta zama haƙƙi, sai ki mayar da ita biyar ko ki ajiye ta sai babban aiki.

Saura wadda rashin tsaro ya raba da ƙauyenta a gefen dajin Rugu, ta dawo cikin gari tana son fitar da ’yarta kunya. Idan zuciyarki ta ba ki ki taimaka, taimaka, amma ki kira abin da sunansa: “Yaya, kuɗin aiki talatin ne. Kawo ashirin da biyar, biyar ɗin gudummawata ce ta biki.”