Na'urar ƙara zangon waifai: ta haɗu da rauta, amma babu intanet

Na'urar ƙara zangon waifai, wadda masu sayar da kayan sadarwa ke kira ikistenda ko rifita, ƙaramin akwati ce da ake soka wa a soket ɗin bango domin ta kai waifai ɗakunan da siginar rauta ba ta isa da ƙarfi. Ita kanta ba ta da intanet. Abin da take yi kawai shi ne ta karɓi sigina daga rauta, ta sake watsa ta gaba. Saboda haka a koyaushe tana riƙe da haɗi biyu: ɗaya tsakaninta da rauta, ɗaya tsakaninta da waya ko kwamfuta. Sandunan sigina da ke saman fuskar waya haɗi na biyu kaɗai suke aunawa. Waya za ta iya nuna sanduna a cike alhali haɗin farko ya tsinke ko yana tangal-tangal, kuma a nan ne yawancin ruɗanin yake. Mutum ya ga sigina a cike, shafi ya ƙi buɗewa, a ƙarƙashin sunan waifai an rubuta "Connected, no internet" ko makamancin haka.

Kafin a taɓa ikistenda, rauta ake fara tuhuma. A je kusa da ita, a haɗa waya da sunan waifai ɗinta na asali, a kashe datar waya, sannan a buɗe wani shafi. Kashe datar yana da muhimmanci, domin wayoyi da yawa kan koma kan layinsu a ɓoye idan waifai ya gaza, sai a ɗauka rauta lafiya take. Idan a nan ma babu intanet, to laifin ba na ikistenda ba ne. A gidajen da rauta ke amfani da katin sim, sau da yawa data ce ta ƙare ko sabis ya ɗauke. Ƙananan rautocin aljihu kuma suna da iyakar na'urorin da suke karɓa a lokaci guda, idan gurbin ya cika sai su ƙi duk wanda ya zo daga baya.

Idan rauta na ba da intanet, sai a duba lambar adireshi. Kowace na'ura da ta shiga waifai tana buƙatar lambar da za a san ta da ita, wadda waya ke nunawa da sunan IP address a cikin bayanan waifai. Rauta ce ke raba waɗannan lambobi ta wani tsari da ake kira DHCP, kuma ita ce ke gaya wa waya ƙofar da za ta bi zuwa intanet, wato abin da ake rubutawa Gateway ko Router a fuskar waya. Ikistenda mai aiki daidai ba ta tsoma baki a wannan rabo, tana miƙa buƙatar waya ga rauta, ta dawo da amsa. Duba waɗannan layuka biyu ya fi duk wata fitila da ke jikin akwatin faɗin gaskiya.

A ɗauki gida mai rautar sim a falo, wadda lambarta 192.168.8.1 ce, kamar yadda ake yawan samu a rautocin Huawei. An sa wata ikistenda mai araha a ɗakin baya, wadda lambarta ta masana'anta 192.168.10.1 ce. Komai na tafiya lafiya har aka ɗauke wuta. Da aka dawo da ita, ikistenda ta tashi cikin 'yan daƙiƙoƙi, ita kuwa rauta tana can tana neman sabis. Ikistenda ta nemi uwargijiyarta ba ta samu ba, sai ta kunna nata tsarin rabon lamba, wanda aka tanada domin mai gida ya iya shiga shafin saitinta. Wayoyin gidan suka karɓi lambobi masu farawa da 192.168.10, ƙofarsu kuma ta zama ikistenda, wadda babu komai a bayanta. Bayan minti biyu rauta ta tashi, haɗi ya dawo, fitila ta yi kore, amma wasu wayoyin sun riƙe lambar da ba ta kai ko'ina. Maganin ba ya buƙatar ko kwabo: a zare ikistenda, a jira rauta ta gama tashi, a mayar da ikistenda, sannan a kashe waifai a waya a sake kunnawa. Idan lambar ta koma mai farawa da 192.168.8, an gama. Inda wuta ke yawan yankewa, hanyar da ta fi ɗorewa ita ce a sa rauta a kan ƙaramin batirin ajiya ko imbata, don kada ta riƙa mutuwa tana tashi.

Akwai wata lamba da ta kamata a sani. Idan kwamfuta ko waya ta nuna adireshi mai farawa da 169.254, babu wanda ya ba ta lamba, ita ce ta laƙaba wa kanta bayan ta gaji da jira. Wasu wayoyin ba sa yin haka, sai dai su tsaya cak a kan "Obtaining IP address". Duka biyun alama ce cewa saƙo ba ya kaiwa ga rauta, ko amsarta ba ta dawowa. A nan ne maganar wurin ajiyewa ke shigowa.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a kai ikistenda cikin ɗakin da babu sigina, bisa tunanin cewa a nan ake buƙatarta. Aikinta irin na mai maimaita kabbara ne a babban jam'i: dole ya tsaya inda yake jin liman sosai, kuma inda sahun baya za su ji shi. Idan ya koma can ƙarshen sahu, muryarsa za ta fita tar, amma ba shi da abin da zai maimaita. Ikistenda da aka ajiye a inda sigina ta yi rauni za ta iya gaisawa da rauta, fitilar haɗi ta kama, amma da zarar an fara tura bayanai na gaske sai su riƙa zubewa a hanya.

Ƙa'idar da masu ƙera na'urorin ke bayarwa ita ce tsakiyar tazara tsakanin rauta da wurin da sigina ta mutu. Amma awon mita ba shi ne ma'auni ba, abin da ke tsakani ya fi tazara tasiri. Katangar bulo da siminti, dakali mai rodi tsakanin bene da ƙasa, ƙofar ƙarfe, kwanon rufi, firji, babban madubi da tankin ruwa duk suna cinye sigina ko su mayar da ita baya. Mita goma a fili sun fi mita huɗu da katanga biyu sauƙi. Don haka a gida mai tsakar gida, soket ɗin baranda da ke kallon tagar falo ya fi na cikin ɗaki, muddin ruwan sama da rana ba sa taɓa shi. Soket na sama ya fi na ƙasa da ke bayan kujera ko talabijin.

Ana iya auna wurin kafin a soka na'urar. A tsaya a bakin soket ɗin da waya a haɗe da rauta, ba da ikistenda ba. Manhajojin auna waifai suna nuna ƙarfin sigina da ma'aunin dBm, wanda lambobinsa ke ɗauke da alamar ragi. Daga -50 zuwa -60 wuri ne mai kyau. Wajen -67 bakin iyaka ne. Da an wuce -70 ana gangarawa -80, haɗi zai riƙa yankewa. Wanda ba shi da manhaja sai ya kunna bidiyo a wurin: idan ya tafi babu tsinkewa, wurin ya yi. A kuma lura cewa zangon 2.4GHz ya fi na 5GHz ratsa katanga da nisa, ko da yake na biyun ya fi gudu. Wannan 5GHz ba shi da alaƙa da 5G na layin waya, duk da cewa wasu rautoci na liƙa 5G a ƙarshen sunan waifai ɗinsu.

Ko a wuri mafi kyau, ikistenda mai rediyo ɗaya tana karɓa tana aikawa ne bi da bi a kan tasha ɗaya, don haka gudun da ke bayanta yakan ragu zuwa kusan rabi. Wannan ɗabi'arta ce, kuma babu saitin da ke kawar da ita.

Sake saiti daga tushe shi ne mataki na ƙarshe, kuma ya bambanta da kashewa da kunnawa. Kashewa da kunnawa ba ya goge komai. Maɓallin Reset kuwa yana share sunan rauta, kalmar sirri da duk abin da aka saita, ya mayar da na'urar yadda ta fito daga kwali. Yana da amfani idan an canza rauta, an canza suna ko kalmar sirrinta, an manta kalmar shiga shafin saiti, ko an sayi na'urar na hannu. Ba ya gyara mummunan wuri, ba ya dawo da datar da ta ƙare.

Ana yin sa ne na'urar tana kunne. A sa tsinke ko fil a cikin ƙaramin ramin da aka rubuta Reset, a danne har fitilu su canza ko su mutu su dawo. Tsawon dannawar ya danganta da samfuri, wasu daƙiƙa ɗaya ko biyu sun isa, da yawa suna buƙatar biyar zuwa goma. Kada a zare ta tana cikin tashi. Daga nan a kawo ta ɗaki ɗaya da rauta, a yi saitin a nan, sai an tabbatar da intanet sannan a kai ta mazauninta. Idan tana da makunni a gefe mai zaɓin AP da Repeater, a tabbatar yana kan Repeater, domin a kan AP tana jiran intanet ne ta igiya, za ta watsa waifai mai ƙarfi wanda babu komai a cikinsa.

Hanya mafi sauri ta haɗawa ita ce maɓallin WPS: a danna na rauta, a danna na ikistenda cikin minti biyu. Idan rauta ba ta da shi ko an kashe shi, sai a haɗa waya da buɗaɗɗen waifai ɗin da ikistenda ke watsawa, a kashe data, a rubuta adireshin da ke kan takardar jikinta. A na'urorin TP-Link shi ne tplinkrepeater.net, a na Netgear kuma mywifiext.net. A zaɓi sunan rauta, a shigar da kalmar sirrinta a tsanake, domin wasu na'urori masu araha sukan karɓi kalmar da aka yi kuskure ba tare da sun yi ƙorafi ba. Yana da kyau a bar wa ikistenda suna daban, kamar mai ƙarewa da _EXT, har a gama gwaji, don a san wadda waya ta kama.

Idan bayan duk wannan an haɗu amma babu intanet, saura a leƙa saitin rauta. Tsofaffin ikistendoji ba su san tsaron WPA3 ba, sai an mayar da rauta kan WPA2. Idan an kunna MAC Filtering, wato jerin na'urorin da aka yarje wa shiga, rauta za ta iya toshe duk abin da ya biyo ta ikistenda, domin da yawansu suna canza wa wayoyin da ke bayansu lambar shaida. A kashe tacewar, a haɗa, sannan a shigar da sababbin lambobin cikin jerin.

Akwai gidajen da babu soket ɗin da zai yi, kamar sashen baƙi da ke bayan katangu uku ko shagon da ke ƙetaren tsakar gida. A irin wannan wuri igiyar sadarwa ce mafita. Tana kai mita 100 ba tare da gudu ya ragu ba. A ja ta daga rauta zuwa ramin igiya da ke jikin ikistenda, idan samfurin yana da shi, a mayar da na'urar kan AP, sai ta watsa waifai a can ba tare da ta dogara da siginar da ke ratsa katanga ba.