Abin da ya kamata mai shago ya fara gani a wayarsa

Mai shagon kayan masarufi yakan buɗe wayarsa ne da hannu ɗaya, ɗayan yana miƙa canji. Duk wanda zai tsara masa shafin taƙaita lissafi, wato dashbod, a manhajar Excel ko Google Sheets, sai ya riƙe wannan a zuciya. Abin da bai fito a fuskar waya ba sai an ja ƙasa, da wuya a riƙa duba shi. Saboda haka layi biyar ko shida na sama su ne gaba ɗayan aikin.

Da yawa sukan sa jimlar ciniki da manyan lambobi a can sama. A ganina kuskure ne, domin jimlar tana faranta rai amma ba ta faɗin inda kuɗin yake. Mu ɗauki misalin wani shago a unguwa a Kano da ya yi cinikin naira 85,000 a yini. A ciki, 48,000 tsaba ce, 27,000 tiransifa ce, 10,000 kuma bashi ne maƙwabta suka ɗauka. Gara a jera ukun nan daban-daban, jimlar ta biyo a ƙasansu da ƙananan lambobi.

Layin da ya fi cancantar zama kan gaba shi ne kuɗin da ya kamata a tarar a aljihun tebur. An buɗe da canjin 5,000, an ƙara tsabar 48,000, wani ya biya tsohon bashi na 3,000 a hannu. An fitar da 7,000: man janareto 4,000, dako 1,500, abincin yaron shago 1,500. Ke nan 49,000 ya kamata a gani. A gefensa a bar gurbi da mai shago zai rubuta abin da ya ƙirga da dare. In 46,500 ya samu, shafin ya nuna giɓin 2,500 da jan launi. A daren ake iya tuno abin da ya faru: ko an ba da canji fiye da kima, ko an rubuta tiransifa a matsayin tsaba, ko maigida ya zari kuɗin cefane bai rubuta ba. Bayan mako guda babu mai tunawa, sai zargi ya faɗa kan yaro, wanda sau da yawa ba shi da laifi.

Lambobin nan ba a shafin taƙaitawa ake rubuta su ba. Akwai shafi na daban da ake shigar da kowane ciniki: kwanan wata a A, kuɗi a D, yadda aka biya a E. Daga nan ake jawo tsabar yau:

```
=SUMIFS(Ciniki!D:D,Ciniki!A:A,TODAY(),Ciniki!E:E,"tsaba")
```

In ya nuna sifili alhali an yi ciniki, a duba kwanan watan, wataƙila manhajar ta ɗauke shi rubutu ne zalla. Haka kuma in yau an rubuta "tsaba", gobe "kash", ba za ta haɗa su ba. Maganinsa a sa jerin zaɓi, ana taɓawa maimakon rubutawa.

Sashe na biyu kaya ne, kuma ba a buƙatar ganin duk abin da ke kan kanta. Waɗanda suka kusa ƙarewa kawai za su fito, a nuna kwana nawa suka rage. Katan 9 na taliya da ake sayar da 3 kullum, kwana 3 ke nan; in sai bayan kwana 5 za a shiga kasuwar Singa sari, to taliya ta hau jerin. Katan 4 na man shafawa da ke wata guda bai ƙare ba kuwa, ba ya buƙatar wuri. A kula da ma'auni: wanda ke sari da katan yana sayarwa ɗai-ɗai, dole ya mayar da komai zuwa ɗai-ɗai, in ba haka ba lissafin kayan zai rikice tun makon farko.

Riba tana ƙasa. Kayan da aka sayar 85,000 an saro su 73,000, saura 12,000. A cire kashe-kashen 7,000, riba 5,000 ce, alhali bashin da aka bayar ya ninka ta. Kuɗin sari kuwa kada a zuba shi cikin kashe-kashen yini, domin ranar da aka saro kayan 300,000 shafin zai nuna asarar da ba a yi ba. Sari yana da nasa gurbi a sashen kaya.

Zane ɗaya ya isa, na cinikin kwana bakwai, a ajiye shi can ƙarshe don ranar da ake da sukuni.