Shin kowane mutum yana da mala'ikan da ke tsaronsa?

Musulmi da Kirista duk za su ce e, amma ba abu ɗaya suke nufi ba.

A Musulunci aikin ya kasu biyu. Suratul Ra'ad, aya ta 11, ta ambaci mala'ikun da ke maye wa juna a gaban mutum da bayansa, suna kare shi bisa umarnin Allah. Malaman tafsiri sun ce idan ƙaddara ta zo sai su ja gefe, don haka tsaron nasu yana da iyaka. Su kuwa Kiraman Katibin ba kariya ce aikinsu ba, rubuta ayyukan bawa suke yi, na alheri da na sharri. Mutane da yawa kan gwama rukunonin biyu, kuma kuskure ne.

A wajen 'yan Katolika, mala'ika ɗaya ne ke tare da mutum tun daga farkon rayuwarsa har mutuwa, yana kare shi, yana yi masa addu'a. Suna kafa hujja da Matiyu 18:10, har ma sun ware ranar 2 ga Oktoba don bikin waɗannan mala'iku.

Babban bambancin yana wajen roƙo. Ɗan Katolika yana iya kiran mala'ikansa ya nemi taimako. Musulmi ba ya roƙon mala'ika, Allah kaɗai yake roƙo.